Ka biya da kati, kaya ba su zo ba: kada kwana 120 su wuce ka

A ce ɗan kasuwa a Maraɗi ya sayi wayoyin hannu na jika 300 ta intanet, ya biya da katin Visa. Mai kaya ya yi alkawarin 10 ga Maris. Ranar ta zo, shiru.

Kuɗinsa na iya dawowa ta hannun bankin da ya ba shi katin, amma akwai wa'adi. A dokar Visa, kwana 120 ne daga ranar alkawari, wato nan 8 ga Yuli. Shi ya sa macuci yake ta cewa "gobe, jibi", don lokaci ya ƙure.

Da farko ka rubuta wa mai kayan ka nemi kuɗinka, domin banki zai tambayi shaidar haka. In ya ƙi, ka kai ƙara banki a rubuce, tare da rasit, ranar alkawari da saƙonninku. Bankinka zai nemi kuɗin daga bankinsa.

Amma a kula: in mai kaya ya nuna shaidar an kawo, ko duwan ɗin ƙasarka ne suka riƙe kayan, ƙarar na iya faɗuwa. Kuɗin da aka tura ta waya kuwa, wannan doka ba ta shafe su ba.