Yadda ake lissafin albashin da za a nema idan ana son Naira 300,000 ta shiga asusu duk wata

Adadin da kamfani ke rubutawa a takardar ɗaukar aiki ba shi ke shiga asusun ma'aikaci ba, domin sai an cire kuɗin fansho da haraji tukuna. Saboda haka mai neman aikin da ke son wani adadi a hannu, dole ya faro lissafi daga ƙarshe ya komo farko.

Dokar fansho ta 2014 ta tanadi a cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, kuma ba a ɗora wa wannan kason haraji. A ƙarƙashin dokar harajin Najeriya da ta fara aiki a watan Janairun 2026 kuwa, babu haraji a kan Naira 800,000 ta farko a shekara. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire mata kashi 15, sai miliyan 9 na gaba kashi 18.

A ɗauka mutum na son Naira 300,000 a wata, wato miliyan 3.6 a shekara, kuma ana lissafa fansho a kan albashinsa gaba ɗaya. Harajin miliyan 3 na farko Naira 330,000 ne, don haka 2,670,000 ke rage masa, saura 930,000 ya cika burinsa. Tun da wannan ragowar ta faɗa matakin kashi 18, kobo 82 kawai ke tsira daga kowace Naira, sai a raba 930,000 da 0.82, a samu 1,134,146. Idan aka haɗa da miliyan 3, kuɗin da ake yi wa haraji ya zama 4,134,146.

Wannan adadi kashi 92 ne na albashin, domin an riga an cire fansho. Raba shi da 0.92 zai ba da kusan 4,493,637 a shekara, wato kimanin Naira 374,470 a wata. Abin da ya kamata a gani a takarda ke nan.

Inda ake tafka kuskure shi ne a ce tun da abin da ake cirewa ya kusa kashi 20, sai a ɗora kashi 20 a kan 300,000 a nemi 360,000. Mai wannan albashi kimanin 289,000 zai karɓa, ya yi asarar kusan Naira 11,000 duk wata. Dalili kuwa, daga babban adadin ake cire kason, ba daga ƙaramin ba.

Lissafin kan sauya idan ana cire kuɗin asusun gidaje, ko ma'aikaci ya nemi rangwamen haya, wanda kashi 20 ne na kuɗin hayar shekara, amma ba ya wuce Naira 500,000. Haka kuma kashi 10 na fansho da doka ta ɗora wa kamfani ba ya cikin albashi. Idan an cusa shi cikin adadin da aka yi tayi, abin da zai shiga asusu ba zai kai 300,000 ba, shi ya sa ake tambaya kafin a sa hannu.