Taguwa Mai Nono Ba Raƙumin Azalai Ba Ce

Duk wanda aka tambaya abin da ya sani game da raƙumi, da haƙurin ƙishirwa zai fara. Gaskiya ne kuwa. Raƙumi na iya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa saboda ƙishi bai faɗi ba, idan kuma ya iso rijiya ya shanye lita ɗari cikin kwata na awa. Sai dai wannan suna da ya yi shi ke cutar da taguwar da ake tatsa. Mutum ya sayo ta a kasuwar Maigatari ko ta Agadas don ya riƙa sayar da nono, sannan ya riƙe ta irin riƙon amalen da ke ɗauko gishiri daga Bilma. Bayan wata biyu sai ka ji yana cewa an sayar masa da marar nono.

Kusan kashi tara cikin goma na nonon raƙumi ruwa ne. Taguwar da ke ba da lita biyar a yini, ban da wanda ɗanta ke tsotsa, kullum tana zubar da ruwan jikinta cikin ƙwarya. Da damina, lokacin da ganye ke ɗanye, tana samun yawancin ruwan daga abin da take ci, har ta yi makonni ba ta damu da rijiya ba. Da hunturu ma tana iya kai mako guda. Bazara ce mai wuyar. Namijin da ba ya aiki zai iya yin mako ko kwana goma a watan Afrilu, amma mai shayarwa bai kamata ta wuce kwana uku zuwa huɗu ba, idan kuma a gefen gari ake tsare da ita tana cin busasshen abinci, a ba ta kullum. Ba za ta yi kuka ba, ba za ta kwanta ba. Za ta rage cin abinci ne kawai, domin mai ƙishi ba ya iya haɗiyar busasshiyar harawa, daga nan nono ya ja baya. Mai lura zai ga kwiɓinta ya lotsa, kashinta ya ƙanƙance ya bushe, fitsari ya yi kaɗan ya yi duhu. A bakin rijiya kuma kada a yi mata gaggawa. A bari ta sha, ta huta, ta sake komawa.

Raƙumi maciyin itace ne fiye da ciyawa. Aduwa, magarya, bagaruwa, farar ƙaya da 'ya'yan gawo su ne tuwonsa, kuma yana bukatar awa takwas ko fiye yana yawo yana tsinka nan da can. A nan ne masu kiwon gefen gari ke shiga matsala, domin itatuwan kusa sun ƙare. Sai a cike da harawar wake, karmamin gyaɗa da dusa, kilo ɗaya zuwa biyu na dusar a yini ga mai nono. Amma a fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa cikin mako biyu. Taguwar da ba ta saba ba, idan ta afka wa buhun gero ko masara, cikinta na iya kumbura, ta yi zawo, wani lokaci har ta mutu. Tozo shi ne ma'auni: kitse ne a cikinsa, ba ruwa ba, kuma in ya fara kwantawa gefe guda, taguwa tana cin jikinta ne don ta yi maka nono. Gishiri kuwa ba a wasa da shi, don raƙumi na bukatarsa ninkin-ba-ninkin abin da saniya ke bukata. Abin da ke kai Buzaye da Fulani wajejen Ingal a ƙarshen damina ke nan, inda ƙasa da ruwa ke da gishiri. Wanda ba zai iya wannan tafiya ba, ya ajiye gishiri da kanwa inda dabba za ta lasa duk sa'ad da ta so.

Dabbar da ƙishi da yunwa suka raunana ita ƙazuwa ta fi kayarwa. Wani ɗan ƙwaro ne ke kawo ta, wanda ido ba ya gani, dangin wanda ke sa wa mutum ƙazuwa. Macen tana haƙa rami cikin fata ta yi ƙwai. Alamar farko ƙaiƙayi ne: taguwa ta riƙa goga wuya a jikin itace, tana cizon kanta, tana susa da ƙafar baya. A duba kai, wuya, hammata da matsematsi, za a ga ƙananan ƙuraje da gashi yana zuba. In an bari, cikin 'yan makonni fata ta yi kauri, ta yi toka-toka, ta tattare ta tsage. Kada a rikita ta da makero, wanda ya fi kama 'ya'yan raƙuma, yana yin tabo zagayayye ba tare da tsananin susa ba. Mai ƙazuwa tana ɓata lokacin kiwonta wajen susa, shi ya sa take ramewa nono ya kafe. Cutar na bin cuɗanya a bakin rijiya, tana bin igiya, akala, tabarmar sirdi da wurin birgima. Mai tatsa ma tana kama shi a hannu.

A ɗauka mutum yana da taguwa goma, ya ga biyu suna susa. Abu na farko ya ware su, ya kuma ɗauka cewa sauran takwas ɗin ma sun taɓu, har da 'ya'yansu. Allurar da likitocin dabbobi suka fi yi ita ce aibamaktin, a ƙarƙashin fata, mililita ɗaya ga kowane kilo 50 idan mai ƙarfin kashi ɗaya cikin ɗari ce. Taguwa mai kilo 400 tana bukatar mililita takwas ke nan. Da yawa suna yi mata huɗu ko biyar kamar ƙaramar saniya, sai ƙaiƙayi ya lafa, a yi zaton an warke. Kuskure na biyu shi ne tsayawa a allura ɗaya. Maganin ba ya kashe ƙwai, don haka dole a maimaita bayan kwana 10 zuwa 14, lokacin da suka ƙyanƙyashe. Igiyoyi da kayan sirdi a wanke su da maganin ƙwari, a kuma sauya makwanci.

Ga inda mai sayar da nono zai yi hattara. Aibamaktin na fita cikin nono har tsawon makonni, saboda haka ba a sha ba a sayarwa sai wa'adin da likita ya yanke ya cika. Asara ce mai ciwo, na sani, amma yara da marasa lafiya ne suka fi shan nonon nan. Wani lokaci likita kan zaɓi maganin wanka ga masu shayarwa, a kankare ɓawon fatar tukuna don magani ya ratsa, a maimaita kamar yadda ya ce. Baƙin man inji da wasu ke shafawa yana ƙona fata, dabba kuma tana lasarsa. Ban ga dalilin da zai sa a kusantar da shi ga taguwar da ake shan nononta ba.

Idan an yi duk wannan amma taguwa ta ci gaba da ramewa, da zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, cikin fatar idonta ya yi fari, ko ta yi ɓari, a yi zargin sammore, wanda manyan ƙudaje masu cizo ke yaɗawa a wuraren dausayi. Wannan sai an gwada jini, maganinsa kuma daban ne.

Kai da ka sayo sabuwar taguwa daga kasuwa, ka tsare ta ita kaɗai na mako uku, da igiyarta da kwamin shan ruwanta daban, kana duba wuyanta da hammatarta kowace safiya kafin ka haɗa ta da garke.