Wasiƙar layi biyar zuwa ga malami a Jamus

A jami'o'in Jamus har yanzu ana manna sanarwa a allon bango kusa da ofishin sashe ko a ƙofar malami, duk da akwai manhajojin karatu irin su Moodle da ILIAS. Ɗalibin da bai daɗe da zuwa ba, wanda Jamusancinsa bai nuna ba, yakan ɗauki hoton takardar da waya, ya koma ɗaki ya fassara da ƙamus ko da taimakon aboki. Sai ya tarar fassarar ta fito sumul, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Yana da gaskiya, domin abin da ke ɓatar da mutum a irin wannan sanarwa yawanci 'yan haruffa ne da aka taƙaita.

A ce takardar ta ƙare da wannan layi: "ab 06.11. Do 14 c.t., Raum 204". Haruffan "Do" Alhamis suke nufi, "Di" kuma Talata, harafi ɗaya ne tsakaninsu. Allon da ke bayan gilashi yakan mayar da hasken fitila, ya ci wannan harafin a hoto, ɗalibi ya je aji ranar da babu kowa. Shi kuwa "c.t." daga Latin ya samo asali, tsohuwar al'ada ce ta jami'o'in ƙasar: an rubuta ƙarfe biyu na rana, amma darasi zai fara biyu da kwata. Da "s.t." aka rubuta, da biyu daidai ne. Wanda ya ɗauki c.t. a matsayin s.t. jiran kwata kawai zai yi. Wanda ya yi akasin haka zai shiga an riga an fara, in kuma ranar jarrabawa ce, ya yi asarar kwata guda daga lokacinsa.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne su aika hoton tare da tambayar, shin wannan fassarar daidai ce? Wannan ɗora wa malami aikin tafinta ne, kuma yana iya amsawa da "e" bayan ya duba sama-sama. Abin da ya fi shi ne ɗalibi ya faɗi abin da ya fahimta, rana da lokaci da ɗaki, yadda malamin zai hango kuskure da kallo ɗaya. Da Jamusanci ko Turanci za a rubuta, amma ga abin da za ta ƙunsa:

"Malama Farfesa, ni ɗalibi ne a darasinki na Talata, zangon farko. Na ga sanarwa a allon sashe yau, na haɗa hotonta da wannan wasiƙa. Na fahimci cewa daga Alhamis, 6 ga Nuwamba, darasin zai koma kowace Alhamis da ƙarfe 14:15 a ɗaki na 204, kuma an daina na Talata. Shin haka ne? Na gode ƙwarai."

Ya rubuta sunan wata da harafi, ya mayar da c.t. zuwa 14:15, sannan ya fito da abin da layin bai faɗa ƙarara ba, wato ko sauyin na dindindin ne ko na mako ɗaya. A ganina wannan jimla ta ƙarshe ita ce ta fi amfani a wasiƙar. Doguwar gaisuwa irin tamu ta gida, da tambayar iyali da gajiya, ba wurinta ba ne nan, ladabi a can shi ne a ambaci muƙamin malamar da sunan danginta daidai, a kuma taƙaita. A sa sunan darasin a kan wasiƙar, a aika daga adireshin da jami'a ta bayar, domin saƙo mai hoto daga adireshin da ba a sani ba yana iya faɗawa cikin tarkace.

Hoton ma yana da nasa ƙa'ida. A ɗauki takardar gaba ɗaya, har da kanta da kwanan wata da sa hannu, a ɗan karkace don kauce wa hasken gilashi. Allon bango yakan riƙe takardun zangon da ya wuce, kuma malama ba za ta gane tsohuwar sanarwa ba idan an yanke samanta.

Amsar malama tana da iyaka. Tana iya tabbatar da ɗaki da lokacin darasinta, amma wa'adin rajistar jarrabawa na ofishin jarrabawa ne, can ya kamata a tambaya. Idan kwana biyu ko uku na aiki sun wuce shiru kuma Alhamis ta matso, sai ɗalibi ya je ofishin sakatariyar sashe da hoton a wayarsa ya nuna layin.