Likita, Fuskar Ɗana Ta Ƙi Warkewa

"Likita, barka da aiki. Yarona shekararsa 16, ƙuraje sun cika masa goshi da kumatu, yanzu har gadon baya. Ba abin da ban gwada ba." Haka irin wannan wasiƙa takan fara, daga uwar da ta ga ɗanta ya daina shiga cikin abokai.

Daga nan sai ta jero abin da aka yi: sabulun salo, lemun tsami, man goge baki da daddare, kafso na kwana biyar daga kyamis, sai wani man shafawa da aka ce mata yana maganin komai. Shi kaɗai ya yi aiki, in ji ta. Cikin mako guda fuska ta yi sumul, amma da ya ƙare ƙurajen suka dawo fiye da da.

A nan likitan fata zai tsaya, domin wannan man ne abin tsoro. Yawancin irinsa na ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, kamar kilobetasol ko betametason. Yana kwantar da kumburi nan take, shi ya sa ake yabonsa. In an daɗe ana shafawa kuwa, fata takan yi siriri, fuska ta yi haske dabbare-dabbare, sai wasu ƙuraje ƙanana masu kama ɗaya su feso. Ganinsu duk girma ɗaya alama ce da likita ke lura da ita.

Su ƙurajen balaga ba ƙazanta ke kawo su ba. Sinadaran balaga ne ke sa fata yawan fitar da maiƙo, ƙofofin gashi su toshe, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Dirza da lemun tsami ƙona fatar kawai suke yi, kuma a baƙar fata kowace ƙuna ko matsa takan bar baƙin tabo na watanni.

Kafson ma ba a ba shi dama ba. Maganin ƙuraje na gaskiya, irin su benzoyil feroksaid da adafalin, sai an yi mako shida zuwa takwas kafin a ga canji, kuma likita ba ya cewa ya gaza sai bayan kamar wata uku. Da farko fuska kan bushe ta yi ɗan zafi, a nan ne da yawa ke watsarwa. Tun da ƙurajen yaron sun kai baya, mai yiwuwa a haɗa masa da doksisaikilin na 'yan watanni. In kuma manya ne masu ciwo, suna barin rami, kada a jira, domin ramin ba ya cikewa da kansa.

Uwa, in za ki je wurin likita, rubuta sunan kowane magani da tsawon lokacin da aka yi ana amfani da shi, ki kuma tafi da kwalayen.