Ta nemi ƙwayar rage ƙiba mai ƙarfi, aka fara da gwajin jininta

Idan kina cikin masu shirin shiga kantin magani ki ce a ba ki ƙwayar rage ƙiba "wadda ta fi ƙarfi", dakata ki ji abin da ya faru a wani kantin magani a unguwar Agege da ke Legas. Maza ma kada ku wuce, masu neman maganin tumbi suna da yawa a cikinku.

Matar ba ta wuce shekara 34 ba. Ta jira sai da mutane suka ragu, sannan ta matso kusa da mai kantin, wata dattijuwa da ta yi karatun harhaɗa magunguna, ta rage murya. "Hajiya, bikin ƙanwata saura mako uku, ɗinkin anko ya ƙi shiga. Ki ba ni mai ƙarfin, ko nawa ne zan biya. Asibiti kam ba ni da lokacin bin layi."

Hajiyar ba ta ce babu ba, ba ta kuma yi mata wa'azi ba. Kujera ta jawo mata. "Zauna ƙanwata, ai ba a tsaye ake wannan magana ba. Kin riga kin fara shan wani abu?"

Ta fara. Kwana goma ke nan tana shan wani shayi da ta saya a hannun wata mai talla ta waya, kuma a kwana uku na farko kilo biyu ya tafi. Sai dai tun daga nan ma'auni ya tsaya, ga yawan zagayawa, ga bushewar baki, da dare kuma gabanta ya riƙa bugawa ta kasa barci. Tana kuma shayar da jariri ɗan wata bakwai.

Aka ɗora ta a ma'auni: kilo 84. Tsayinta mita 1.60. Aka bar ta ta huta minti biyar, aka gwada jininta sau biyu, ya nuna 150 bisa 95. Ita ba ta taɓa sanin jininta yana hawa ba.

"Ƙanwata, ban raina buƙatarki ba," in ji Hajiya. "Ƙibar tana nan, kuma ya kamata a rage ta. Amma in na miƙa miki abin da kike nema a kan wannan jinin, kina kuma goyo, ban yi miki adalci ba. Ba kuɗinki nake gudu ba. So nake ki je bikin nan da ƙafarki."

To mene ne ta gani da ya sa ta ƙi ciniki?

Fara da kilo biyun da ya tafi cikin kwana uku. Wannan ba kitse ba ne, ruwa ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif, don haka duk abin da zai sa ki yawan fitsari ko gudawa zai sauke ma'auni nan da nan. Shayin rage ƙiba da dama ganyen filasko ne a ciki, wanda iyayenmu suka sani da wanke ciki. Wasu kuma kan sha lasis, maganin da likitoci ke ba masu kumburin ciwon zuciya ko ƙoda don ya fitar da ruwa. Kina shan ruwa, kilon ya dawo. Abin da ba ya dawowa da sauƙi shi ne sinadarin fotasiyam da ya bi ruwan ya fita, kuma da shi zuciya ke daidaita bugunta. Alamar ya yi ƙasa ita ce kasala, ɗaurewar jijiyar ƙafa, da bugun zuciya da ke tsalle. Mai shayarwa kuma tana buƙatar ruwan jikinta fiye da kowa.

Abin da ya fi damun Hajiya shi ne bushewar baki da rashin barci da bugun gaba sun haɗu da hawan jini. Waɗannan sanannun alamu ne na sibutiramin, ƙwayar da ke kashe sha'awar abinci. An taɓa rubuta ta a asibitoci, amma a shekarar 2010 aka janye ta daga kasuwa a Turai da Amurka, bayan wani babban bincike ya nuna tana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga masu matsalar zuciya. Ba ta ɓace ba. Hukumomin magunguna na ƙasashe da dama sun sha gano ta a ɓoye cikin shayi da kofi da ƙwayoyin da aka rubuta wa "ganye zalla". Da ido ba a iya tabbatarwa, sai an kai ɗakin gwaji. Amma da matar ta nuna hoton kwalin a wayarta, babu lambar Hukumar NAFDAC, babu adireshin kamfani. Wannan kaɗai ya isa a ajiye shi.

Za ki ce, to babu maganin ƙiba na gaskiya ke nan? Akwai. Hajiya ma ta yi mata lissafi a bayan takarda: a ninka tsayi da kansa, 1.6 sau 1.6 ya ba da 2.56, sai a raba 84 da shi, a samu kusan 33. Daga 30 zuwa sama ana kiransa ƙiba a likitance, kuma likita na iya rubuta magani. Ɗaya daga ciki shi ne olistat, wanda ke hana hanji tsotse kusan kashi ɗaya cikin uku na man da aka ci. Man da bai shiga jiki ba ta bayan gida yake fita, wani lokaci ba tare da sallama ba, musamman in an ci soye-soye. Ki yi tunanin wannan ranar biki cikin sabon leshi. Kuma duk da haka, abin da yake ƙarawa a kan gyaran abinci bai wuce kilo uku a shekara ba ga yawancin mutane. Ba a kuma ba mai ciki ko mai shayarwa.

Zuwa wurin likitan ma ba don takarda kaɗai ba ne. Ƙiba kan zo da dalili: raunin ƙwayar maƙogwaro da ke sa jiki sanyi da kasala, allurar tazarar haihuwa ga wasu mata, ko magunguna irin su firedinisolon da aka daɗe ana sha. Wanda ke tsaye a bayan kanta ba zai iya gano wannan ba, sai an ɗebi jini.

Hajiya ta rubuta awon jinin da kwanan wata a 'yar takarda, ta ce ta kai asibiti cikin makon, ta tafi da kwalin shayin, a kuma duba mata suga. In ta ji ciwon ƙirji, ko ciwon kai mai tsanani, ko ganinta ya dushe, kada ta jira gari ya waye.

Sannan ta tambaye ta abin da take sha da rana. Lemon kwalba biyu, saboda zafin Legas. Ƙaramar kwalba ɗaya kan ɗauki sukari kusan cokalin shayi tara. "Ki bar su ki koma ruwa, ki rage tuwon dare amma kada ki yi wa kanki yunwa, kina goyo. Ki riƙa tafiyar minti talatin da yamma. Rabin kilo a mako shi ne wanda ke tafiya bai dawo ba. In kika sauke kilo huɗu ko biyar cikin 'yan watanni, jinin kansa zai iya sassautawa."

Matar ta yi shiru, sannan ta ce, "To ankon fa, Hajiya?"

"Wannan aikin tela ne. Ki ce ya buɗe ɗinkin gefe, ai suna barin yadi a ciki."

Ta yi dariya, ta naɗe takardar ta sa a jaka, ta tambaya ko za ta iya dawowa ranar Asabar a sake gwada mata jinin. Hajiya ta ce ta zo da safe, kafin kanti ya cika.