Zaɓen Maudu'i Mai Alamar # Don Tallar Turaren Wuta

Gabatarwa

Wannan 'yar maƙala ta samo asali ne daga sana'ar yayata, wadda ke haɗa turaren wuta da humra a Sabon Ibadan. Ta zuba jarinta duka a kaya, ta yi wata 2 tana sa hotuna a Instagram, amma ciniki shiru. Da na duba sai na ga matsalar ba ta kayan ba ce, ta maudu'i ce, wato kalmar nan da ake liƙa wa alamar # domin mai nema ya iske hoto.

Yadda Na Yi Bincike

Yaya takan rubuta #perfume da #love. Waɗannan kasuwa ce mai cunkoso: kafin ƙiftawar ido hotunan wasu sun binne nata, kuma yawancin masu leƙawa ba su san turaren wuta ba.

Sai na riƙa rubuta kowace kalma a gurbin nema ina lura da abu 2. Na farko, yawan abin da aka sa a ƙarƙashinta. Na biyu, irin hotunan da ke fitowa. In ba su yi kama da kayanmu ba, ko kuwa an daɗe ba wanda ya sa sabo, sai in watsar. Da haka na tsayar da 4: #turarenwuta don sunan kaya, #humra don ɗan'uwansa, #kayanlefe don masu shirin aure, sai #ibadanvendors don garin da za mu iya kai saƙo.

Nawa Ya Kamata?

A da Instagram takan yarda da 30 a hoto ɗaya, amma a shekarar 2021 ita da kanta ta ba da shawarar 3 zuwa 5. Dalilina na bin wannan shi ne, in aka jibga da yawa, ba a gane wanda ya kawo mai saye.

Inda Ɗalibin Harshe Zai Yi Tuntuɓe

Mu da aka horar a kan ƙa'idojin rubutu mukan so mu rubuta komai daidai. To amma sarari da karan ɗori suna yanke maudu'i: wanda ya rubuta #turaren wuta, #turaren kawai na'ura ta ɗauka. Haka kuma #ƙamshi daban, #kamshi daban, ga shi masu saye da yawa ba sa amfani da baƙaƙe masu lanƙwasa a waya. Ita ma humra wasu #khumra suke rubutawa. Saboda haka a maudu'i nakan bi rubutun masu saye, a bayanin kaya kuwa in bi ƙa'ida.

Kammalawa

Ma'aunina ba yawan masu yabon hoto ba ne. Duk wadda ta yi magana, Yaya takan tambaye ta, "Hajiya, a ina kika gan mu?" mu rubuta a littafi. Ƙarshen wata, maudu'in da bai kawo kowa ba sai mu sauya shi, ɗaya bayan ɗaya.