Kafin ka tura kuɗin laftof ɗin buga gem, rubuta wa mai shago

Yawancin matasan da ke sayen laftof don buga gem ba sa ganin kayan da idonsu kafin su biya. Mutum yana Gusau ko Azare, mai shago yana kasuwar Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja, ciniki kuma ta waya. Ka tambayi mai shago ko za ta ɗauki gem, ya ce maka "Core i7 ce, RAM 16, ba abin da ba za ta ɗauka ba." Sau da yawa ba ƙarya yake yi da gangan ba, shi ma abin da ya sani ke nan. Shi ya sa nake ganin a rubuce ya kamata a yi tambaya, a rubuce kuma a karɓi amsa.

Mu ɗauki gem ɗin ƙwallo na EA Sports FC 24 da ya fito a 2023. Mafi ƙarancin abin da kamfanin ya ce yana bukata shi ne firosesa Core i5-6600K, RAM 8GB, fili 100GB, da katin hoto GTX 1050 Ti mai 4GB. To a ce mai shago ya kawo maka HP EliteBook 840 G5 ta tokunbo, mai i7-8650U da RAM 16GB. A baki ta wuce abin da ake nema. Amma harafin U da ke ƙarshen lambar yana nuna firosesar an yi ta ne don tattalin batir da aikin ofis, kuma yawancin irin wannan laftof Intel UHD 620 kawai gare su, wanda ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM yake ara. In gem ɗin ma ya buɗe, 'yan wasa za su riƙa tsalle-tsalle suna maƙalewa. Ƙarin RAM ba ya maganin wannan, kuma katin hoton laftof a manne yake da allon cikinta, ba a cire shi a sa wani.

Wasiƙar ba sai ta yi tsawo ba. Ga yadda za ta iya kasancewa:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan kasuwa na albarka, ina son laftof ɗin da ka turo min hotonta ne domin buga EA Sports FC 24. Don Allah ka rubuto min cikakkiyar lambar firosesarta har da harafin ƙarshe, da cikakken sunan katin hotonta. Ka sa yaronka ya danna maɓallin Windows da R, ya rubuta `dxdiag`, ya ɗauko min hoton shafin System da na Display, da na Render in akwai. Ina kuma son sanin girman SSD ɗinta, da wat nawa aka rubuta a jikin cajarta. In ta iso ba ta ɗauki gem ɗin ba, kwana nawa nake da shi na dawo da ita, kuma kuɗina za a ba ni ko canji? Na gode, Allah ya ƙara buɗi."

Idan hotunan sun iso, a nan ake yawan ruɗewa. A shafin Display akwai layin `Approx. Total Memory`, wanda kan nuna kusan 8GB ko da a laftof ɗin ofis, saboda ya haɗa da abin da aka aro daga RAM. Mai shago zai iya nuna maka shi ya ce ga 8GB nan. Layin da ya dame ka shi ne `Display Memory (VRAM)`. In ka ga 128 MB, babu katin hoto mai zaman kansa a wannan shafin. Laftof ɗin gem takan zo da kati biyu, na Intel a shafin Display, na NVIDIA kuma a shafin Render, don haka kada ka yanke hukunci da shafi ɗaya.

Maganar caja ba ƙarama ba ce. Laftof mai GTX 1650 takan zo da caja mai wat 120 zuwa 150. In an haɗa ta da ta kasuwa mai wat 65, za ta rage wa kanta ƙarfi, ko ka ga batir yana sauka alhali tana jone da wuta.

Sauran zafi, wanda takarda ba ta nuna shi. Laftof ta tokunbo da ƙura ta toshe wa fanka takan fara gem lafiya lau, sai bayan 'yan mintoci ta ɗau zafi ta fara jan ƙafa, balle a watan Afrilu a ɗakin da ba iska. Saboda haka in amsoshin farko sun gamsar da kai, ka roƙi abu ɗaya kafin ka biya: a jona ta da cajarta, a buga wasa na minti 20, a ɗauko maka bidiyon ƙarshen wasan, lambar da ke ƙasan laftof ɗin tana fitowa a ciki, don ka tabbata ita ɗin ce za a sa maka a mota.